Dokar Amdahl: Dalilin Da Furosesa Takwas Ba Ta Ninka Sauri Sau Takwas

A watan Afrilu na shekarar 1967 masana kwamfuta suka yi babban taronsu a birnin Atlantic City na jihar New Jersey a Amurka. Cikin abubuwan da suka ja hankali har da muhawara tsakanin wasu injiniyoyi biyu. Na farko shi ne Daniel Slotnick na Jami'ar Illinois, wanda ke jagorantar gina wata gagarumar kwamfuta mai suna ILLIAC IV da aka tsara za ta ƙunshi furosesa 256 masu aiki a lokaci guda. Furosesa ita ce ɗan guntun nan da ke yin ainihin lissafi a cikin kwamfuta. Ra'ayin Slotnick bai wuce abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa ba, wato sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A tara furosesa da yawa, a raba masu aikin, a gama da wuri.

Na biyun shi ne Gene Amdahl, ɗan wani ƙaramin gari mai suna Flandreau a jihar South Dakota, wanda ya kasance jigo wajen tsara kwamfutocin System/360 da kamfanin IBM ya fitar a 1964. Shi kuma ya tsaya a kan cewa yawa kaɗai ba ya wadatarwa. Ya lura cewa wajen kashi 40 cikin 100 na umarnin da kwamfuta ke aiwatarwa a ayyukan da ya duba ba lissafin da ake so ba ne, hidimar jera bayanai ce da kai-kawonsu, kuma wannan hidima bi da bi ake yin ta, ba ta rabuwa. Ko an rage ta, in ji shi, ita kaɗai za ta hana sauri wuce ninki biyar zuwa bakwai, komai yawan furosesar da aka jibga.

Takardar da ya gabatar gajeriya ce, kuma babu dabarar lissafi ko ɗaya a rubuce a cikinta. Daga baya ne wasu suka mayar da hujjarsa layi guda na lissafi suka sa masa suna dokar Amdahl. Yau ana koyar da ita a kusan duk kwas na tsarin kwamfuta, kuma ita ce amsar tambayar da mutane da yawa ke yi: me ya sa wayar da aka rubuta `octa-core` a kwalinta, wato mai furosesa takwas, ba ta ninka tsohuwar sauri sau takwas?

A shagon tela

Kafin a shiga lissafi, yana da kyau a leƙa shagon tela ana saura kwana uku Sallah. A ce oga ya karɓi aikin da zai ci masa awa 10 idan shi kaɗai zai yi. Awa 2 na awo da yanka ne, awa 8 na ɗinki. Yankan nan ba ya yarda kowa ya taɓa masa shi, domin shi ya san awon kowa, kuma shaddar mutane ba abin wasa ba ce. A ce kuma ba a fara ɗinki sai ya gama yanka kaf.

Idan ya sa keke biyu, ɗinkin awa 8 ya koma awa 4. A haɗa da awa 2 na yanka, aiki ya tashi a awa 6. Ya sa keke huɗu, ɗinki ya koma awa 2, jimla awa 4. Ya sa takwas, ɗinki awa 1, jimla awa 3. Ya ari kekunan maƙwabta suka zama 16, ɗinki rabin awa, jimla awa biyu da rabi.

A duba ribar kowane mataki. Ƙarin keke ɗaya tak na farko ya rage masa awa 4 cur. Amma ƙarin kekuna takwas na ƙarshe, tare da yara takwas da zai biya, rabin awa kawai suka rage. Ko da zai cika layin kasuwar da kekuna 80, ɗinki ya koma minti 6, aikin zai ɗauki awa 2 da minti 6. Ƙasa da awa 2 kuwa ba zai taɓa sauka ba, tun da almakashin nan a hannun mutum ɗaya yake. Aikin awa 10 da ba zai gaza awa 2 ba, saurinsa ba zai wuce ninki biyar ba. Wannan ita ce dokar Amdahl gaba ɗayanta, saura kawai a sa mata haruffa.

Yadda ake lissafin

Abu biyu ake buƙatar sani. Na farko shi ne kason lokacin da ɓangaren da za a gyara yake ci, ana kiran sa `p`. Na biyu shi ne sau nawa za a ninka saurin wannan ɓangare, ana kiran sa `s`. Ana ɗaukar tsohon lokacin gaba ɗaya a matsayin 1. Ɓangaren da ba a taɓa ba yana nan yadda yake, wato `1 - p`. Wanda aka gyara kuwa ya ragu zuwa `p / s`. A haɗa su biyun an sami sabon lokaci, sai a raba tsohon lokaci da sabo a sami ninkin saurin aikin duka:

```
S = 1 / ((1 - p) + p / s)
```

A ɗauki wata manhaja da ke gyaran hotunan biki a ɗakin ɗaukar hoto. Tana ɗaukar daƙiƙa 100 kafin ta gama da tarin hotuna. Daƙiƙa 20 suna tafiya wajen karanto hotunan daga faifai da mayar da su, kuma faifan ɗaya ne, bi da bi yake bayarwa. Daƙiƙa 80 kuma na gyaran launi ne da rage girma, aikin da ke rabuwa cikin sauƙi domin babu hoton da ke jiran wani. Ke nan `p` shi ne 0.8. Idan aka raba gyaran ga furosesa takwas, `s` ya zama 8. Sai 0.8 a raba da 8 ya ba da 0.1, a haɗa da 0.2 ya zama 0.3, sannan 1 a raba da 0.3 ya ba da 3.33. An sayi ƙarfi ninki takwas, an sami sauri ninki uku da ɗan ɗoriya. Daƙiƙa 100 sun koma 30.

Iyakar kuma daga cikin layin nan take fitowa. Yayin da `s` ke ƙara girma, `p / s` yana ƙanƙancewa har ya kusa zama babu. Abin da ya rage a ƙasan layi shi ne ɓangaren da ba a taɓa ba:

```
iyakar S = 1 / (1 - p)
```

Ga manhajar hotuna, 1 a raba da 0.2 ya ba da 5. Ana ta kusantar biyar ɗin nan, amma ba a kai mata, balle a wuce. Idan rabin lokaci kawai ake iya gyarawa, iyakar ninki 2 ce. Idan kashi 90 ne, ninki 10. Idan kashi 95 ne, ninki 20. Idan kashi 99 ne, ninki 100.

Kashi 95 ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin wanda ya ji an ce kashi 95 na aikinsa yana rabuwa zai ɗauka kakarsa ta yanke saƙa. Da furosesa 8 zai sami ninki 5.9, abin da ba laifi. Da 64 zai sami 15.4. Da 1024 kuwa 19.6 zai samu. Wato daga 64 zuwa 1024 ya ƙara furosesa 960, ya biya kuɗinsu da kuɗin wutar da za su sha, amma saurin bai ƙaru da ko kashi ɗaya cikin uku ba. Mafi yawan lokaci furosesar nan suna zaune ne suna jiran guda ɗaya ta gama ɗan kashi 5 ɗin nan da ba ya rabuwa. Mai son ya gwada da kansa zai iya rubuta wannan a harshen Python:

```python
def ninki(p, s):
    return 1 / ((1 - p) + p / s)

for s in (8, 64, 1024):
    print(s, round(ninki(0.95, s), 1))
```

Wane ɓangare za a fara gyarawa?

Amfanin dokar bai tsaya ga yawan furosesa ba. Duk wani gyara da ya shafi ɓangare ɗaya kawai, ko sabon faifai ne, ko sabuwar dabarar lissafi, ko layin intanet mai sauri, lissafinsa ɗaya ne. Shi ya sa take taimakawa wajen zaɓi.

A koma ga manhajar hotuna a yadda take tun farko, daƙiƙa 20 na faifai da 80 na gyara. A ce mai ɗakin hoton yana da kuɗin abu ɗaya kawai. Ko dai ya sayi faifan zamani da zai ninka saurin karatu da rubutu sau 10, ko kuma ya ƙara furosesa ɗaya da za ta ninka saurin gyara sau 2. Ninki 10 ya fi daɗin ji a kunne. Amma faifan zai mayar da daƙiƙa 20 zuwa 2, jimla ta zama 82, wato ninki 1.22 kacal. Furosesar kuwa za ta mayar da 80 zuwa 40, jimla 60, ninki 1.67. Ɗan gyara a babban ɓangare ya doke babban gyara a ƙaramin ɓangare.

Sai dai labarin yana juyawa. A ce daga baya ya sami na'ura mai furosesa 16, gyaran ya koma daƙiƙa 5. Yanzu aikin duka daƙiƙa 25 ne, kuma faifan da a da yake cin kashi 20 ya zama shi ke cin kashi 80. Idan ya ninka furosesar zuwa 32, daƙiƙa biyu da rabi kawai zai rage. Idan kuwa ya sayi faifan da ya ƙi saye a da, 20 za ta koma 2, jimla ta zama daƙiƙa 7. Daga 100 zuwa 7 ninki 14 ne da 'yan kai, nesa da iyakar biyar da aka lissafa a baya. Wannan bai karya dokar ba. Iyakar biyar ta wanda ya bar faifan yadda yake ce. Duk lokacin da aka yi gyara, kason kowane ɓangare ya canza, sai an sake awo kafin a yanke shawara ta gaba.

Inda ake tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki `p` daga yawan layukan shirin kwamfuta. Kason lokaci ake nufi. Shiri mai layi dubu goma zai iya ɓata mafi yawan lokacinsa a cikin layi ashirin da ake maimaitawa sau miliyoyi. Ido ba ya gane wannan, kuma hasashen ƙwararru ma yakan kuskure. Shi ya sa ake da kayan awo: umarnin `time` yana nuna tsawon lokacin aikin duka, `perf` da `gprof` da `cProfile` kuma suna fayyace daƙiƙa nawa kowane sashe ya ci.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne a auna `p` bayan an riga an yi gyaran. A manhajar hotuna mai furosesa takwas, aikin ya koma daƙiƙa 30, kuma gyaran hoto daƙiƙa 10 ne a ciki, wato kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya zo a wannan lokaci ya sa 0.33 a matsayin `p` da 8 a matsayin `s` zai sami ninki 1.4, alhali ainihin abin da aka samu 3.33 ne. Dokar tana son kason tsohon lokaci, kafin a taɓa komai. Idan sabon lokaci kawai ke hannu, sai a koma baya: daƙiƙa 10 sau 8 ya ba da 80, a haɗa da 20 a dawo da 100.

Abu na uku shi ne dokar tana kyautata zato fiye da kima. Ta ɗauka raba aiki kyauta ne. A zahiri rabawar kanta tana cin lokaci, haɗa sakamako yana ci, furosesa suna rububin ma'ajiyar bayanai ɗaya, wata kuma ta gama da wuri ta zauna jiran wadda aka ba kaso mai nauyi. Tela ma ya san haka: yara 16 da dutsen guga ɗaya sai an yi layi. Don haka adadin da dokar ta bayar rufi ne, abin da za a gani a aikace yawanci yana ƙasa da shi, kuma akwai inda ƙarin furosesa ke mayar da aiki baya.

Akwai hanyar gano hakan. Alan Karp da Horace Flatt sun wallafa ta a 1990, kuma ba komai ba ce illa juya dokar ta baya. A ce an gwada wani shiri a furosesa 8 an ga ninki 4. Sabon lokaci ke nan rubu'in tsoho ne, 0.25. Da komai ya rabu da ya zama 0.125. A ɗebe 0.125 daga 0.25, a raba abin da ya rage da 0.875, wato 1 ban da 0.125, sai a sami kusan 0.143, ɗaya cikin bakwai. Wannan shi ne kason da bai rabu ba, iyakar shirin kuma ninki 7 ce. Da wannan adadi ana sa ran furosesa 16 za su ba da ninki 5.1. Idan aka gwada aka ga kusan haka, to matsalar ɓangaren da ba ya rabuwa ce, shi za a nema a rage. Idan kuwa aka ga 4.2, kason ya tashi zuwa kusan 0.19, alamar cewa hidimar rabawa da jiran juna ce ke ƙaruwa da yawan furosesa, kuma can ya kamata a duba.

Amsar da ta zo daga Sandia

ILLIAC IV ba ta kai yadda aka tsara ba. Furosesa 64 aka iya ginawa, aka kai ta cibiyar Ames ta hukumar NASA a California. Shekaru kusan ashirin hujjar Amdahl tana sanyaya gwiwar masu son tara furosesa da yawa.

A 1988 John Gustafson da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Sandia da ke New Mexico suka ba da rahoton samun sauri sama da ninki 1000 a wata kwamfuta ƙirar nCUBE mai furosesa 1024, a ayyukan kimiyya guda uku na gaske. Ba su rushe lissafin Amdahl ba, tambayar suka sauya. Amdahl ya riƙe girman aiki a wuri ɗaya yana tambaya lokaci nawa za a rage. Gustafson ya lura cewa wanda ya sami babbar kwamfuta ba ya tsayawa a kan tsohon ƙaramin aikinsa, ƙara girman aikin yake yi. Masu hasashen yanayi, alal misali, sai su yanka taswirar sama ƙanana-ƙanana don hasashen ya fi daidai, su gama a lokacin da suka saba. A irin waɗannan ayyuka ɓangaren da ke rabuwa ne ke kumbura, wanda ba ya rabuwa kuma yana nan kusan yadda yake, sai kasonsa ya ƙanƙance.

Wannan yana aiki ne idan aikin yana iya girma ta wannan fuska. A shagon tela ba zai yi ba, domin kowace sabuwar riga da yankanta take zuwa. Haka mai buɗe manhaja a waya: ba ya son babban aiki, so yake wannan ɗin ya buɗe yanzu. Shi yana ƙarƙashin hukuncin Amdahl kai tsaye.

Abin ya shafi kowa ne tun daga tsakiyar shekarun 2000. Kafin lokacin kowace sabuwar furosesa tana fin ta baya gudu, kuma kowane ɓangare na shiri yana amfana ba tare da an taɓa shi ba. Zafi da shan wuta suka taka wa wannan birki. A 2004 kamfanin Intel ya janye shirin fitar da Pentium 4 mai gudun `4 GHz`, masu ƙira suka koma dasa furosesa biyu, huɗu, takwas a guntu ɗaya. Daga nan ribar sabuwar na'ura ta rataya a kan kason aikin da ke rabuwa. Sauya tsarin bidiyo da gyaran tarin hotuna suna cin moriya sosai. Buɗe shafin intanet kuwa, inda yawancin lokacin jiran amsa ne daga nesa, ƙarin furosesa ba ya taɓuka abin kirki.

Gene Amdahl ya rasu a 2015, a zamanin da furosesa takwas ta riga ta shiga aljihun mutane. Ga mai niyyar sayen na'ura ko biyan kuɗin gyaran manhaja, matakin farko shi ne ya auna daƙiƙa nawa aikinsa ke ci, ya ware waɗanda gyaran ba zai taɓa ba, sannan ya raba jimlar da su. Idan aikin daƙiƙa 100 ne kuma 40 daga ciki jiran intanet ne, babu furosesar da za ta ba shi sama da ninki biyu da rabi.